Saƙon da ya yi kama da na minti biyu: ina ake kai shi?

Rabi'u: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina son mu warware wani abu game da dokar nan ta minti biyu. An ce idan saƙon imel ya zo, abin da yake nema ba zai wuce minti biyu ba, a yi shi nan take. In zai wuce, a mai da shi aiki a jerin ayyuka, a fitar da saƙon daga akwati. A baki abin da sauƙi. To ga misali: shugaban sashe ya turo saƙo, kansa kuma "Re: Re: Fwd: rahoton wata uku". A ciki yana son abu uku: a tabbatar masa za a halarci taron ranar Alhamis ƙarfe 10, a aiko masa da alkaluman watanni ukun da suka wuce kafin Laraba, sannan a tambayi akanta ko an biya ɗan kwangila. Wannan saƙon na minti biyu ne ko ba na minti biyu ba? Ina za a kai shi?

Nafi'u: Wa alaikumus salam. Ai wannan ba abin wahala ba ne. Ka amsa batun taron, sai ka danna masa tauraro ko ka mai da shi kamar ba a karanta ba, ka dawo kansa da yamma. Muddin yana nan da baƙin rubutu a gabanka ba za ka manta ba.

Malama Hadiza: Nafi'u, rabin farko na maganarka daidai ne, rabi na biyu kuwa shi ne ainihin cutar da ake neman magani. Bari in fara da tambayar Malam Rabi'u.

Ba saƙo ake aunawa da minti biyu ba, aiki ake aunawa. Saƙon nan kaya uku ne a buhu ɗaya, don haka sai an zazzage su, kowanne a yanke masa hukuncinsa.

Batun taro na nan take ne. Ka duba kalanda, ka ga Alhamis ƙarfe 10 babu komai, ka rubuta taron a wurin. Ka lura, rubutawa a kalanda yana cikin aikin. Wanda ya amsa da "zan zo" bai rubuta ba, bai gama ba.

Batun akanta ma na nan take ne, amma ba kai ne mai amsar ba. Naka shi ne ka aika wa akanta layi biyu, kuma sabon saƙo ya fi a tura masa dogon zaren gaba ɗaya, don kada ya ɓata lokaci yana lalube: "An biya ɗan kwangilar nan kuɗin aikin watan jiya? Ina buƙatar amsa kafin Talata da azahar." Daga nan sai ka rubuta a jerin abubuwan da kake jira: akanta, biyan ɗan kwangila, an tambaya Litinin, a waiwaya Talata. Wannan layin shi ne mutane suka fi tsallakewa. Sun tura, ransu ya ba su cewa an gama, Laraba ta zo shugaba ya tambaya, sai a fara sosa ƙeya.

Alkaluma kuwa su ne aikin gaske, su za su shiga jerin ayyuka. In an gama waɗannan, sai a amsa wa shugaban sau ɗaya: taro zan zo, na tambayi akanta, alkaluma za su iso ka Talata da yamma. Sai saƙon ya tafi rumbu, wato Archive. Duka duka bai fi minti huɗu ko biyar ba, kuma babu sauran dalilin sake buɗe shi sai ranar da za a aika alkaluman.

Rabi'u: Na gane, Malama. To a jerin ayyukan me zan rubuta? "Rahoton wata uku"?

Malama Hadiza: A'a, wannan kan magana ne, ba aiki ba ne. Kuma nan manhajoji suke yaudarar mutane. A Gmail, idan ka buɗe saƙo ka danna `Shift + t`, ko ka zaɓi Add to Tasks, zai buɗe maka aiki a Google Tasks, amma sunan da zai ba shi shi ne kan saƙon kamar yadda ya zo. Ka tara irin waɗannan guda ashirin, sai ka ga ka gina akwati na biyu ne kawai a gefen na farko. Duk sanda ka kalli jerin dole ka buɗe saƙon ka sake karantawa kafin ka tuna me ake so.

Don haka kafin ka ɗaga yatsa, ka goge sunan ka rubuta naka. Ya fara da abin da hannu zai yi: kira, rubuta, ciro, aika, duba. Ya ambaci abin, ya ambaci mutumin. Kamar haka: "Ciro alkaluman Janairu zuwa Maris daga fayil ɗin tallace-tallace, aika wa shugaban sashe." Gwajin mai sauƙi ne. Idan ka karanta layin bayan kwana uku, da gajiya a jikinka, za ka iya farawa ba tare da ka buɗe saƙon ba? In amsar a'a ce, layin bai nuna ba tukuna.

Akwai kuma wani tarko a nan. A ce alkaluman Maris ba sa hannunka, suna wurin wani sashe. To abin da za ka fara yi ba ciro alkaluma ba ne, neman na Maris ne, kuma wannan saƙon minti ɗaya ne da ya kamata ya tafi yau Litinin. Wanda bai tsaya ya tambayi kansa mene ne matakin farko ba, sai Talata da daddare zai gano cewa yana jiran wani.

Alhaji Tukur: Ku yi haƙuri in sa baki. Ni a ganina duk wannan dogon lissafi ne. Mai son akwati ya zama fanko ya zaɓi komai ya goge, shi ke nan. In ba a gogewa ai wuri zai cika, saƙo ya daina shigowa.

Zainabu: Ranka ya daɗe Alhaji, maganar cikar wuri daban take da wadda ake yi. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos ne suke raba shi. Saƙon rubutu zalla ba ya cin komai a ciki, manyan fayiloli da ake maƙalawa su ne masu ci. Wanda wuri ya ƙure masa ya rubuta wannan a wurin bincike:

```
has:attachment larger:10M
```

Zai ga manyan, ya goge waɗanda ba ya so. Amma ya sani, abin da aka goge yana zama a Trash kwana 30 kafin ya tafi, kuma yana nan yana cin wuri har sai an zubar da kwandon.

Abin da Malama take cewa kuwa Archive ne. Shi ba ya goge komai, ba ya kuma rage nauyin ko ƙwayar zarra. Yana cire saƙon ne daga Inbox, ya bar shi a All Mail, bincike zai same shi kowane lokaci. Kuma saƙon da aka mai da shi aiki kada a goge shi, domin aikin yana ɗauke da mahaɗin da ke kai mutum ga saƙon. In saƙon ya tafi, mahaɗin ba shi da inda zai kai ka.

Alhaji Tukur: To, ashe ni na hau wata motar daban. Na gode 'yata. Amma in wanda ya aiko ya sake magana a kan saƙon da na kai rumbun fa, ba zai wuce ni ba?

Zainabu: Ba zai wuce ba, Alhaji. Da zarar an amsa, zaren gaba ɗaya zai dawo Inbox. Sai fa idan Mute aka danna masa, shi ne amsoshin za su riƙa wucewa rumbu kai tsaye, sai in an sa sunanka a layin masu karɓa ko an aiko maka kai kaɗai.

Nafi'u: Malama, ban yarda an kayar da ni ba tukuna. Mu bar tauraro. Snooze fa? Saƙon ya ɓace daga akwati, ya dawo Talata da safe da kansa. Akwati fanko, ba a manta ba, ba a kuma ɓata lokacin rubuta wani jeri ba.

Malama Hadiza: Snooze yana da wurinsa, ban musa ba. Saƙon da babu abin da za a iya yi da shi sai ranarsa ta zo, kamar tikitin tafiya ko mahaɗin shiga taro ta bidiyo, shi ya dace da shi. Amma saƙon shugaban nan, in ya dawo Talata da safe, yadda ya tafi haka zai dawo, kaya uku a ƙulle. Akanta ba a tambaye shi ba, alkaluman Maris ba a nema ba, kwana ɗaya ya salwanta. Ka ɗage hukunci ne, ba ka yanke ba. Alamar da za ka gane abin ya lalace: saƙo ɗaya an ɗage shi sau uku. In ka ga haka, akwai abin da kake gudu a cikinsa, galibi kuma ba ka san matakin farkonsa ba ne.

Tauraro da "ba a karanta ba" kuwa matsalarsu ita ce ba sa faɗin komai. Suna cewa akwai wani abu a nan, ba sa cewa mene ne, ko yaushe ne. Ga shi alamar "ba a karanta ba" tana da nata aikin, sai ka cakuɗa sabon saƙo da wanda ka karanta sau biyar.

Nafi'u: Na ji batun tauraro. Amma ga mai saƙo goma a rana, har yanzu ina ganin Snooze ya ishe shi. Ba kowa ke buƙatar jeri uku ba.

Malama Hadiza: Mai saƙo goma, ba zan ja da kai sosai ba.

Malam Garba: Ni inda nake da ja shi ne dokar kanta. Ku yi lissafi. Mutum ya buɗe akwati da safe ya tarar da saƙo 60. A ce 30 daga ciki kowanne na minti biyu ne. Awa guda ke nan cur, a lokacin da kai ya fi sabo, ya tafi a kan ƙananan buƙatun wasu. Babban aikinsa yana nan ko taɓa shi bai yi ba, amma yana jin daɗi wai akwati fanko. Kuma kowace amsa da ya aika tana haifo wata.

Malama Hadiza: Malam Garba, lissafinka daidai ne, kuma wanda ya kawo dokar ma bai ce adadin ƙa'ida ce da ba ta motsi ba. David Allen ne ya yaɗa ta a littafinsa na 2001, hujjarsa kuma ta tattali ce kawai: akwai aikin da rubuta shi, da bibiyarsa, da sake ɗauko shi ya fi yin sa tsada. Minti biyu kimanin iyakar nan ce. Shi da kansa ya ce mai isasshen lokaci zai iya miƙa ta zuwa minti biyar ko goma, wanda ke sauri ya rage ta zuwa minti ɗaya ko daƙiƙa talatin.

To a misalinka na saƙo 60, in minti ashirin kake da su, ka sauke iyakar zuwa daƙiƙa talatin. "Eh", "a'a", "ga fayil ɗin" su wuce. Sauran ƙananan ka sa musu lakabi guda, a ce Amsa, ka kai su rumbu, ka rubuta aiki ɗaya tak a jeri: "Amsa saƙonnin lakabin Amsa, ƙarfe 2." Ba sai kowanne ya samu layinsa ba.

Abu na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci: dokar ta lokacin tantancewa ce, ba ta duk yini ba. Ka ware zama biyu ko uku a rana, ka buɗe akwatin, ka bi shi daga sama zuwa ƙasa, ka rufe. Wanda ya bar sanarwa a kunne yana amsa kowane saƙo da zarar ya faɗo saboda "ai minti biyu ne", ba dokar yake bi ba, ƙararrawa yake bi.

Malam Garba: Wanda aikinsa shi ne amsa wa abokan ciniki fa? Ba zai ce sai ƙarfe 2 ba.

Zainabu: Shi wannan akwatin shi ne layin aikinsa, kamar mai zama a kanta. Dokar ba ta yi masa amfani sosai, tsarin da ke ba kowace buƙata lamba ya fi dacewa da shi. Ba na jin da shi ake maganar nan.

Rabi'u: Wata tambaya kuma. Yaya mutum zai gane saƙon da ke fakewa da minti biyu alhali na rabin awa ne? Tun kafin ya shiga, nake nufi.

Malama Hadiza: Akwai alamu da ba sa ƙarya. In amsar tana buƙatar ka buɗe wani fayil ka karanta, ta fita daga layin. In ka rubuta jimlar farko ka goge ka sake, to magana ce mai buƙatar tunani, ko kuma ranka ya ɓaci, kuma saƙon da ya ɓata maka rai ba ya taɓa zama na minti biyu ko da amsarsa kalma biyar ce. In amsar alkawari ce, kamar "eh, zan duba muku", rubutawar daƙiƙa goma ce amma ka ɗauki bashin awa uku, kuma bashin dole ya shiga jeri kafin ka danna aikawa. Saƙon da ke cewa "ka ɗan leƙa wannan ka faɗi ra'ayinka" da fayil mai shafi goma sha biyu a maƙale shi ne sarkin irin waɗannan.

In kuma ka riga ka shiga ka ga ruwan ya fi ƙarfinka, ka tsaya. Abin da ka rubuta yana nan a Drafts. Ka buɗe aiki, ka ce "Ƙarasa amsar wane, tana Drafts", ka wuce na gaba. Ido yana ƙarya a kan minti biyu, don haka a makon farko yana da kyau a sa agogon waya a gefe a auna.

Zainabu: Bari in ƙara wa masu Outlook, don nasu ya ɗan bambanta kuma akwai rami. In ka sa wa saƙo tuta, wato Flag, zai bayyana a Microsoft To Do cikin jerin Flagged email, kuma a can za ka iya sauya masa suna yadda Malama ta ce. Amma a tsohon Outlook na kwamfuta, abin da ke To-Do List ba kwafi ba ne, saƙon ne da kansa. Ka goge shi daga jerin, ka goge imel ɗin. A danna Mark Complete, kada a danna Delete.

Wanda ke son aiki mai zaman kansa ya ja saƙon ya saki a kan Tasks. Zai kwafe rubutun, amma fayilolin da ke maƙale ba za su biyo ba. In ana son su, a ja da maɓallin dama na linzami, a zaɓi wanda ke cewa with Attachment.

Masu Gmail kuma, abubuwa uku a Settings suna rage wahala sosai: a kunna Keyboard shortcuts, in ba haka ba `Shift + t` da `e` mai kai saƙo rumbu ba za su yi aiki ba; a kunna maɓallin Send & Archive, don amsa da kai wa rumbu su zama dannawa ɗaya; sannan Auto-advance a ƙarƙashin Advanced, wanda ke buɗe saƙo na gaba maimakon ya mai da kai jerin, inda ido zai fara tsalle yana zaɓen masu daɗi. A kuma tuna cewa `Shift + t` ba ya fitar da saƙon, sai an bi shi da `e`. In hannu ya kuskure, `z` yana dawo da shi.

Nafi'u: Rana fa? Ni ina ganin kowane aiki a sa masa rana, in ba haka ba zai nutse a jerin.

Malama Hadiza: Nan ma sai a yi hattara. Alkaluman shugaba suna da rana ta gaske, Laraba, don haka a sa Talata. Amma in ka ƙirƙira wa kowane aiki rana don kawai ya tsaya a gabanka, cikin mako guda za ka wayi gari da ayyuka goma sha biyar da ranarsu ta wuce, ka saba da ganinsu haka, wa'adin gaske ya ɓace a cikinsu. Marasa wa'adi abin da ke hana su nutsewa shi ne duba jerin kowace safiya, da zama na kamar rabin awa sau ɗaya a mako a bi shi duka, har da jerin jira.

Malam Garba: A nan ina tare da Nafi'u. Zaman mako-makon nan shi ake fara yarwa da zarar aiki ya yi yawa. Ranar bogi ta fi babu. Saƙon da ke cikin akwati aƙalla ido yana faɗawa kansa, wanda aka kai jerin da ba a dubawa kuwa an binne shi ne da rai.

Malama Hadiza: Jimlarka ta ƙarshe ba ni da abin cewa a kanta. Wanda ya san ba zai duba jerin ba, gara ya bar saƙonninsa inda suke. Ko Merlin Mann, wanda ya fito da sunan Inbox Zero, wato sifiri a akwatin saƙo, a 2006, ya bayyana cewa sifirin ba adadin saƙonni yake nufi ba, lokacin da hankalin mutum ke rataye a akwatin yake nufi. Batun rana dai ban sauka ba.

Rabi'u: Saura abu ɗaya. Duk wannan na mai farawa da tsaftataccen akwati ne. Mai saƙo 4,000 a tare fa?

Zainabu: Kada ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ko daƙiƙa goma ya ba kowanne, sama da awa goma sha ɗaya ke nan, kuma sababbi suna ta shigowa. Ya rubuta:

```
in:inbox older_than:21d
```

Ya danna akwatin zaɓe na sama. Wannan shafin da ke gabansa kawai zai kama, don haka sai ya danna rubutun da zai fito, Select all conversations that match this search. Ya sa musu lakabi, a ce Tsofaffi, ya kai su rumbu. Abin da ya rage na mako uku shi zai tantance da hannu, a zama biyu ko uku.

Haɗarin shi ne akwai alkawarin da ke kwance a cikin tsofaffin. Don haka bayan kwashewar, ya binciki lakabin da sunayen mutum biyar ko shida da ba a yi wa shiru, da `from:` a gaban adireshin kowanne, ya kuma duba `is:starred`. Abin da ya fito ya bi da shi ta hanyar da aka bi da saƙon shugaban.

Alhaji Tukur: Me ya sa 21, 'yata? Ba 30 ba?

Zainabu: Ba wata doka ba ce, Alhaji. Ya gwada `14d`, ya gwada `30d`, ya ga nawa ne za su rage a akwatin. Wanda ya bar masa abin da zai iya gamawa cikin kwana biyu shi zai ɗauka.